Tankin Gas Mai "Tan Ashirin": Nawa Yake Ci a Zahiri?

A 'yan shekarun nan gas ɗin girki ya shiga gidaje da yawa a Kano da Kaduna da Zariya da Damagaram, kuma duk unguwar da ya shiga sai ka ga an buɗe wurin ɗura shi. A bayan shingen waya za ka hangi farin tanki kwance a kan ƙafafun siminti, dogo, kawunansa biyu a kumbure. Tambayi mai wurin girmansa, abin da zai ce maka shi ne "tan biyar ne" ko "tan ashirin ne". Da wannan suna ake cinikin tankin, da shi ake kiran tirela ta kawo kaya daga Kudu, da shi kuma ake lissafin riba.

Sai dai tan awon nauyi ne, abin da tanki yake da shi kuwa fili ne a cikinsa, kuma da lita ake auna fili. Tanki ɗaya zai iya ɗaukar tan 20 da rabi na wani gas, ya ɗauki tan 23 da ɗoriya na wani, alhali ƙarfensa bai ƙaru da ko ɗan yatsa ba. Wanda zai zuba miliyoyinsa a wannan sana'a, ko ma'aikacin da zai tsaya kusa da tankin ranar sauke kaya, ya kamata ya iya gano litar tankin da kansa. Abin da ake bukata bai wuce tef na awo da kalkuleta ta waya ba.

Awo uku da tef

Bari mu ɗauki tanki guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. Tankin misali ne, amma girmansa irin wanda ake gani ne a matsakaitan wuraren ɗura gas.

Idan ka tsaya a gefensa za ka ga kashi uku ne aka haɗa da walda. Akwai gangar jiki, wadda take miƙaƙƙiya kamar bututu, sannan akwai kai a kowane ƙarshe. A tankinmu kowane kai rabin ƙwallo ne cif, wato siffar ƙwarya. In ka kifa ƙwarya a kan 'yar'uwarta baki da baki, ƙwallo guda ka samu. Saboda haka lissafin tankin gaba ɗaya lissafin abu biyu ne kawai: gangar jiki ɗaya da ƙwallo ɗaya.

Awon farko, kuma mafi muhimmanci, shi ne rabin faɗin tankin, wato nisa daga tsakiyar cikinsa zuwa bango. Masu lissafi suna rubuta shi da harafin r. Ba wanda zai shiga cikin tankin gas ya auna, don haka ta waje ake bi. A zagaya tef a cikin tankin kamar yadda tela ke auna ƙugu, a tabbatar bai karkace ba. A namu tef ya nuna mita 7.98. Kewayen kowace da'ira ya ninka faɗinta sau 3.1416, lambar da ake kira fai kuma ake rubutawa π. In an raba 7.98 da 3.1416 za a sami faɗi na mita 2.54, rabinsa kuwa mita 1.27.

A nan mutane da yawa suke tsayawa, kuma a nan suke fara yin kuskure. Wannan 1.27 ɗin har da kaurin ƙarfe a ciki, gas kuwa ba ya zama cikin ƙarfe. Tanki mai wannan girma ana yin sa da faranti mai kaurin da ya kai santimita 2 ko kusa da haka, kuma ainihin kaurin yana rubuce a allon ƙarfen da masana'anta ke liƙa wa tankin. In aka cire santimita 2, rabin faɗin ciki ya zama mita 1.25. Santimita biyu kamar ba komai ba ne, amma za mu ga abin da suke jawowa.

Awo na biyu shi ne tsawon gangar jiki kaɗai, daga inda lanƙwasar kai ɗaya ta ƙare zuwa inda ta ɗayan ta fara. Layin walda yana taimakawa wajen gane wurin, ko da yake a wasu tankuna kai yana zuwa da ɗan miƙaƙƙen baki na 'yan santimita bayan waldar, wanda shi ma cikin gangar jiki ake ƙirga shi. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗora miƙaƙƙen katako a jikin tankin a ga inda ƙarfe ya fara rabuwa da shi. Namu mita 8 ne, kuma harafin L ake ba wannan tsawo.

Awo na uku shi ne tsawon tankin gaba ɗaya, daga ƙololuwar kai zuwa ƙololuwar kai. Ba ya shiga lissafi kai tsaye. Amfaninsa shi ne ya gaya mana irin kan da tankin yake da shi. Namu ya ba da mita 10.5 da ɗan kaurin ƙarfe. Cire 8, saura 2.5, wato kowane kai ya fito da mita 1.25. Tunda zurfin kan ya yi daidai da rabin faɗin, rabin ƙwallo ne na gaskiya.

Lissafin kansa

Gangar jiki ba ta da wuya. Ana neman filin da'irar bakinta a ninka da tsawonta:

V = π × r² × L

1.25 sau 1.25 ya ba da 1.5625. A ninka da 3.1416, an sami 4.909. A ninka da 8, an sami 39.27. Tunda da mita muka yi awo, amsar tana cikin kubik mita ne. Kubik mita ɗaya shi ne akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗi mita ɗaya, tsayi mita ɗaya, kuma yana cin lita 1,000 daidai. Gangar jikin tankinmu ke nan tana cin lita 39,270.

Ga na ƙwallo:

V = 4/3 × π × r³

Wato a ninka 1.25 da kansa sau uku, a sami 1.953, a ninka da 3.1416, a ninka da huɗu, a raba uku. Amsa ita ce kubik mita 8.18, ko lita 8,180 na kawunan biyu a haɗe. Jimillar tankin kubik mita 47.45, wato lita 47,450.

Mai karatu zai iya tambayar daga ina huɗu bisa ukun nan ya fito. Wani masani Bagirke mai suna Arkimidis, mutumin birnin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne ya tabbatar da cewa in aka saka ƙwallo cikin ganga mai faɗinta da tsayinta daidai, ƙwallon zai cinye kashi biyu cikin uku na filin gangar. Ana iya gwada maganarsa da lambobinmu. Ganga mai bakin 4.909 da tsayin mita 2.5 tana cin 12.27, kuma kashi biyu cikin uku na 12.27 shi ne 8.18. Ya yi alfahari da wannan bincike har ya nemi a zana ƙwallo cikin ganga a kan kabarinsa.

Daga nan ake samun gajeriyar hanya da ta fi sauƙin riƙewa a ka. Kowane kai mai rabin ƙwallo daidai yake da a ƙara wa gangar jiki kashi biyu cikin uku na zurfinsa. Kawuna biyu masu zurfin 2.5 a haɗe sun zama ƙarin mita 1.667. Sai a ce tankin ganga ce mai tsawon 9.667, a ninka da 4.909, a dawo kan 47.45 ɗin nan.

Yanzu mu koma ga kurakuran. Wanda ya ɗauki tsawon tankin gaba ɗaya, mita 10.5, ya ninka da 4.909 kamar kawunan a shafe suke, zai sami lita 51,540. Ya ƙara wa tankin lita 4,090 da babu su. Wanda ya yi haka sannan ya sake ɗora ƙwallo a kai ya ƙirga kawunan har sau biyu, zai fito da kusan lita 59,700. Shi kuwa wanda ya manta da kaurin ƙarfe ya yi aiki da 1.27, zai sami kimanin lita 49,120, ƙarin lita 1,670 daga santimita biyu kacal. Dalili shi ne rabin faɗi yana shiga lissafin sau biyu a gangar jiki, sau uku a ƙwallo, tsawo kuwa sau ɗaya yake shiga. In za ka yi sakaci da tef, yi shi a tsawo. Santimita biyu a can lita 98 kawai za su ɓata.

Ba kowane kumburarren kai ne rabin ƙwallo ba

Wannan batu ya cancanci a dakata a kansa, domin a nan ne cinikin tankunan hannu ke cutar da mutane. Yawancin tankunan da ake gani kawunansu ba su fito sosai ba, sun ɗan daɓe. Irin da ya fi yawa shi ne wanda zurfinsa rabin r ne, wato rubu'in faɗin tankin. Masana'antu suna son sa saboda ya fi sauƙin matsawa daga faranti guda. Da tankinmu irin wannan kai gare shi, da kowane kai zai fito da santimita 62.5 kawai, tsawon tankin duka ya zama mita 9.25.

Lissafinsa yana bin ƙa'idar kashi biyu cikin ukun nan. In h shi ne zurfin kai ɗaya:

V = 2/3 × π × r² × h

Tunda zurfin ya ragu da rabi, abin da kawunan ke ci ma ya ragu da rabi: lita 4,090 maimakon 8,180. Tankin ya koma lita 43,360. Ga tankuna biyu, tef ya ba su kewaye ɗaya, gangar jikinsu ɗaya, fentinsu ɗaya, amma tsakaninsu akwai bambancin lita dubu huɗu. Akwai ma kawunan da suka fi waɗannan daɓewa, irin na tankunan fetur da gas ɗin mota da ake binnewa a gidajen mai. A kansu wannan ƙa'ida kusantar amsa kawai take yi, sai a koma ga takardar masana'anta don samun ainihin adadi.

Me ya sa ba a shafe kawunan kawai a huta? Saboda matsi. Gas ɗin girki ruwa ne a cikin tanki don an matse shi, kuma yana tura bango ta ko'ina. Shafaffen murfi yana lanƙwasawa a ƙarƙashin irin wannan turi, sai an yi shi da kauri mai yawan gaske. Lanƙwasasshen bango kuwa yana raba nauyin daidai a jikinsa. Ƙwallo ya fi kowace siffa a nan: a faɗi ɗaya da matsi ɗaya, rabin kaurin da gangar jiki ke bukata ya ishe shi.

Lita 47,450, amma ba duka ake zubawa ba

Abin da muka samu zuwa yanzu shi ne yawan ruwan da zai cika tankin taf. Gas ba a cika shi taf, kuma wannan doka ce ta rai da mutuwa. Iyakar da aka saba a manyan tankuna na saman ƙasa ita ce kashi 85 cikin ɗari, wasu wuraren ma a kashi 80 suke tsayawa.

Gas ɗin girki haɗin abu biyu ne, furofen da biyuten, kuma ruwansu yana kumbura da zafi fiye da ruwan sha nesa ba kusa ba. Daga digiri 15 zuwa digiri 45, ruwan furofen yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari, na biyuten da kashi 6 zuwa 7. Duk wanda ya san Arewa ya san wannan tazara ba labari ba ce. Kayan da aka sauke da sanyin asubar hunturu zai iya kwana a tanki har zafin bazara ya same shi, ƙarfe kuma a rana ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi. Tankin da aka tsayar a kashi 85 zai hau zuwa kashi 93 ko 94 in furofen ne, da sauran wuri a sama. Wanda aka kai kashi 95 lissafinsa zai wuce ɗari. Tururin da ke saman tanki yana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Da zarar ruwa ya cinye filin saman, kowane ƙarin digiri yana harba matsi sama da sauri, bawul ɗin kariya ya buɗe ya fara fesar da ruwan gas. Lita ɗaya ta wannan ruwa tana zama tururi fiye da lita 230, tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana taruwa a kwata da ramuka har ya tarar da wuta. Wannan ma in bawul ɗin yana aiki ke nan.

Saboda haka abin da tankinmu zai karɓa shi ne 47,450 sau 0.85, wato lita 40,330.

Sai a juya lita zuwa kilo. Lita ɗaya ta ruwan furofen tana da nauyin kusan kilo 0.51, ta biyuten kusan 0.58, a ma'aunin digiri 15. Haɗin da ake sayarwa yana faɗawa tsakani, ya danganta da inda aka ɗauko kayan. Da furofen zalla tankinmu zai ɗauki tan 20.6, da biyuten zalla tan 23.4. In muka ɗauki haɗi mai 0.55, tan 22.2 ke nan. Wannan shi ne tankin da dillali ɗaya zai kira tan ashirin, wani ya kira tan ashirin da biyar, kuma ba wanda za ka iya kamawa da ƙarya sai kana da litar a hannu.

Ga inda abin ke zama kuɗi. Tirela ta iso da tan 20 na haɗi mai 0.55. A raba kilo 20,000 da 0.55, an sami lita 36,360, wato kusan kashi 77 cikin ɗari na tankinmu. Tunda iyaka 85 ce, dole abin da ya rage a tanki ya kasance ƙasa da kashi 8 da 'yan kai kafin a fara saukewa. In geji yana nuna kashi 20, kaya ba zai shiga duka ba, ko direba ya kwana ko bai kwana ba. Tankin mai daɓaɓɓen kai kuwa iyakarsa lita 36,860 ce, don haka sai ya zama kusan wayam kafin ya karɓi tirelar, da ragowar wuri na lita 500 kawai. A irin wannan rana ce ake jin "ƙara kaɗan, ai da sauran wuri", domin mai kaya ba ya son mota ta koma da ragowa. A ganina mafi yawan haɗarin cika tanki fiye da kima tun ranar yin oda ake ƙulla shi, lokacin da ba wanda ya zauna ya yi wannan ɗan lissafi.

Tukunyar gas ta gida ma haka take. A jikin mai kilo 12.5 za ka ga an buga WC da lamba kusan 26 a gefensa, ma'ana tana cin ruwa lita 26 da ɗoriya. Kilo 12.5 na gas lita 22 ne zuwa 23. Ragowar wurin da gangan aka bar shi, kuma mai ɗurawar da ya yi maka "gyara" ya cusa kilo 14 bai yi maka alheri ba.

Tsayin ruwa daban, yawansa daban

Akwai tambaya ta biyu da masu wuraren ɗura gas ke yi kullum: nawa ya rage? A tankin da ke tsaye mai shafaffen gindi amsar mai sauƙi ce, rubu'in tsayi rubu'in kaya ne. A tankin da ke kwance ba haka ba ne, domin ƙasansa matsattse ne, tsakiyarsa mai faɗi, samansa ya sake matsewa.

A tankinmu, lokacin da ruwa yake daidai tsakiya, santimita ɗaya na tsayi lita 249 ce. Lokacin da ya sauka zuwa santimita 25 daga gindi, santimita ɗaya ta koma lita 138. A tsakiya kaɗai tsayi da yawa suke haɗuwa, rabi da rabi.

Ɗauki rubu'in tsayi, santimita 62.5. A nan gangar jiki tana riƙe da kashi 19.5 cikin ɗari na abin da take ci, kawuna kuwa kashi 15.6 kawai. A haɗe lita 8,960 ne, kusan kashi 19 na tankin. Wanda ya ɗauka rubu'i ne zai rubuta lita 11,860 a littafinsa, ya ƙara wa kansa lita 2,900, wato tan ɗaya da rabi da ɗoriya na gas da babu shi. Ƙarshen wata sai a fara zargin yaran shago da sata.

Ta sama kuwa kuskuren yana juyawa, kuma nan ya fi muni. Kashi 85 na yawan kaya yana cika ne tun ruwa bai kai mita 2 ba, a wajen mita 1.96. Wanda ya ɗauka kashi 85 na tsayi ake nufi zai bari ruwa ya kai mita 2.125, a lokacin kuwa tankin ya riga ya haura kashi 91.

Tankin fetur na gidan mai ana zura masa sanda, a duba tsayin a takardar awon da aka yi wa wannan tanki shi kaɗai. Takardar wani tanki ba ta aiki a kan wani, kuma in tankin ya karkace saboda ƙasa ta zauna, takardar ta lalace sai an sake awo. Tankin gas ba a buɗe shi a zura sanda. Yana da geji mai tulluƙi da ke iyo a ciki, ko geji mai hannu da ake juyawa har sai ɗan bututunsa ya taɓo ruwa, kuma fuskarsu an riga an zana ta da kashi cikin ɗari na yawan kaya. Shi ya sa za ka ga lambobin sun matsu a tsakiya sun wawware a gefe. Akwai kuma ɗan ƙaramin bawul mai bututu da ya sauka daidai kan iyakar cikawa. Ana ɗan buɗe shi yayin sauke kaya. Muddin tururi ne ke fita ba a ganin komai sai ƙara, da zarar ya fara fesa farin hazo, ruwa ya kai iyaka, a kashe famfo nan take. Geji mai tulluƙi yana iya maƙalewa ya yi ta nuna lamba ɗaya, alamar kuwa ita ce allura ba ta motsi alhali famfo yana aiki. Wannan ɗan bututu ba shi da abin da zai maƙale, don haka in sun saɓa, shi ake bi.

Wani abin da ke ruɗar sababbin shiga shi ne gejin matsi. A tankin gas ɗin girki ba ya faɗin yawan kaya ko kaɗan. Muddin akwai ruwa a ciki, matsin yana bin zafi ne da irin haɗin. Furofen a digiri 40 yana nuna wajen 13 bar, ko tankin yana kashi 80 ko yana kashi 10. Tukunyar iskar oksijin ta asibiti ko ta mai walda ita ce ke da wancan hali, domin iskar cikinta matsattsiya ce kawai, ba ta zama ruwa ba. A can ana ninka litar tukunya da matsi: mai lita 40 a 150 bar tana ɗauke da iska kusan lita 6,000, in allura ta sauka zuwa 75 rabi ya tafi.

Manyan ƙwallaye

A matatun mai da manyan ma'ajiyoyin bakin teku ana ganin tankuna masu siffar ƙwallo zalla a tsaye kan ginshiƙai. Kamfanin Chicago Bridge and Iron ne ya gina na farko irinsu a Port Arthur da ke jihar Texas ta Amurka a 1923. Lissafinsu ya fi na kwantaccen tanki sauƙi, tunda babu gangar jiki. Ƙwallo mai rabin faɗin mita 5 yana cin kubik mita 523.6. A kashi 85 da haɗi mai 0.55, tan 245 ke nan, kayan tirela goma sha biyu. In aka ninka rabin faɗin ya zama mita 10, abin da yake ci ba ninki biyu zai yi ba, ninki takwas zai yi, kubik mita 4,189, alhali fatar ƙarfen ninki huɗu kawai ta yi a fili. Haɗa ƙwallo aiki ne mai tsada, domin faranti-faranti ake lanƙwasawa a yi musu walda a wurin da za a kafa shi, don haka sai kaya ya yi yawa sosai yake biyan kansa. Mai wurin ɗura gas na unguwa kwantaccen tanki ya fi masa, ana ƙera shi a masana'anta a ɗoro a mota.

Ga wanda yake son sanin abin da ya rage a ƙwallo daga tsayin ruwa h:

V = π × h² × (3r − h) / 3

Wannan ƙa'ida ita ce ta ba mu kashi 15.6 ɗin nan na kawunan tankinmu a rubu'in tsayi.

Lissafin tef yana da iyaka. Bai san da bututu da ƙarafan da ke cikin tanki ba, bai san ko tankin ya ɗan lotse ba, kuma ba ya faɗin ko tsatsa ta cinye ƙarfe. Zai iya kauce wa ainihin adadi da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari. Ba ya maye gurbin gwajin matsi, ko takardar awo ta ƙwararru, ko lasisin hukumar NMDPRA, wadda ta karɓi kula da wannan ɓangare a Najeriya bayan dokar man fetur ta 2021. Amma ya isa ya tona tankin da aka ƙara wa suna. Allon ƙarfen da ke jikin tanki yana ɗauke da litarsa da matsin da aka ƙera shi dominsa da shekarar ƙira. Kafin ka biya kuɗin tankin hannu, je da tef ɗinka, yi awon nan uku, ka gwada amsarka da abin da allon ya ce. In bambancin ya kai kashi biyar cikin ɗari, ko allon ya ɓace, ko ka ga alamar an cire shi an sake liƙawa, kada ka ba da ko kafin alƙalami sai injiniya ya duba tankin.